Yarinyar da ke Hannunku

Yayana Barau direban babbar mota ne, cikin masu lodin shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis su nausa Kudu. Ya rasu bara da damina. Duk wanda ya shigo gaisuwa abu ɗaya yake faɗa, wai Allah ya yi mutum mai kunya. Ni kuwa da na ji an faɗa sai in ji kamar in tashi in bar musu ɗakin, don na san abin da kunyar nan ta ci masa.

A Gagarawa Tasha aka haife mu. Mahaifinmu manomin gero da riɗi ne, shi Yaya kuma tun yana aji biyar ƙarar mota ta ɗauke masa hankali, ya bi wani direba ya bar makaranta. Karatunsa bai wuce ya rubuta Hausa da manyan baƙaƙe ba. Ni ce na yi nisa, har na zama malamar Turanci a wata sakandare a Gumel, shi ya sa ko sunana Balkisu ba ya kira, sai dai Malama, wani lokaci da girmamawa, galibi da tsokana. Turancinsa na hanya ne, wanda zai ishe shi wuce shingen 'yan sanda da sayen abinci.

A wannan hanyar ya samo mata. A Auchi, inda direbobi ke yada zango, akwai wani kantin magani, a nan Rabi'atu take aiki. Musulma ce 'yar ƙabilar can, ta yi zama a Sabon Garin Kano wajen gwaggonta, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Mahaifinta, Alhaji Momodu, tsohon hedimasta ne, mutum mai tsari, ba ya jin ko “zo” da Hausa, daga yarensu sai Turanci. Ya ba da 'yarsa ba don ransa ya so nisan ba, aka kawo ta Gumel, unguwa ɗaya da ni.

To, kun san suruki a wajenmu. Yaya bai taɓa zama kan kujera a gidan tsohon nan ba. A bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya tsuguna, idonsa a ƙasa. In an kawo abinci ba ya ci. Sunansa kuwa ko a bayan ido bai taɓa kamawa ba, sai dai “Baba na Auchi”. Su a can suruki ɗa ne, ya shiga ya zauna ya ci ya yi hira. Tsoho ya sha tambayar 'yarsa ko mijin nata fushi yake da su. Rabi'atu ce ke tsakani. Ita ke ce wa uban, wannan ƙin cin abincin girmamawa ce, wannan sunkuyar da kan ma girmamawa ce. In Yaya ya ce “ina wuni” ta mayar da ita magana mai tsawo da daɗi, in tsoho ya yi gatse ta rage masa kaifi kafin ya iso. Ba mu san aikin da take yi ba sai da ta tafi.

Sun haifi 'ya ɗaya, Ni'imatu. 'Yar fari ce, don haka Yaya bai taɓa kiran sunanta ba, haka muka taso muka ga ana yi. “Ke” yake cewa, ko “yarinyar nan”. A gaban mutane ba ya ɗaukarta. Amma duk dawowarsa daga Kudu da 'yar leda a aljihun kaftani, ya ajiye kan tabarma kamar mantuwa ya yi, ya koma gefe yana satar kallonta tana buɗewa. Na kama shi ya fi a ƙirga.

Yarinya na shekara huɗu Rabi'atu ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikin. Uwarta ta zo zaman makoki, da za ta koma ta ce a ba ta jikarta ta ɗebe mata kewa. Yaya ya ce to. Me zai ce? Suruka ta roƙa, kuma ko a shari'a kakar wajen uwa tana gaba wajen riƙo. Ya kai su tasha da kansa, ya dawo ya shige ɗaki, ranar ko masallaci da ƙyar aka gan shi.

Tun daga nan ya canza layi, ya koma lodin Legas, wai hanyar Auchi ta lalace. Ƙarya yake, ba zai iya tsugunawa a ƙofar gidan nan ba tare da mai yi masa baki ba. Duk babbar Sallah dai rago na tafiya ta hannun abokansa direbobi, da buhun wake da kayan yarinya. Waya kuwa babu amfani, tsoho kunnensa ya yi nauyi, kuma ko da yana ji da wane harshe za su yi? Ni nake kiran Aliu, ƙanen Rabi'atu, in ji lafiyar yarinya in kai wa Yaya labari. Yana saurare kamar labarin 'yar maƙwabta ake ba shi, sai na gama ya ce, “Ta yi tsawo kuwa?”

Ana haka tsohuwar, kakar yarinyar, ita ma ta rasu, yarinya tana wajen shekara tara. Bayan an yi arba'in sai ga Yaya a gidana da yamma, da takardar littafin makaranta a ninke. Ya ce, “Malama, Turanci nake so ki mayar min da wannan. Baba mutumin takarda ne, magana mai nauyi ba a yi masa ita a waya.”

Na karanta. Wallahi wasiƙa ce da duk dattijon Bahaushe zai karanta ya share hawaye. Ta fara da sallama, sai “Zuwa ga Baba, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara maka girma da lafiya.” Sai gaisuwa, ina gajiya, ya jiki, ya iyali, ya muka ji da haƙuri, Allah ya jiƙan Mama ya sa ta huta. Ta ci kusan shafi guda. Sai can ƙasa, a layi uku, abin da ya kawo shi: “Yarinyar da ke hannunku taku ce, ba ni da iko da ita sama da ku. In kun ga ya dace ta leƙo ta ga danginta na nan, to. In ba ku gani ba, duk abin da kuka yanke shi ne daidai.” Ya rufe da “Ɗanku mai biyayya.”

Na ce, “Yaya, so kake a dawo maka da 'yarka.”

Ya kalli bango. “Ai ga shi nan na rubuta.”

“A Hausa ka rubuta. Bari mu gani ko zai haye.”

Sharaɗi ya kafa min tun kafin in ɗauki biro: duk layin da na juya, sai na sake juyo masa shi da Hausa ya ji. A layin farko muka fara rigima. Wasiƙar Turanci da Dear take buɗewa, sai suna ko matsayi ya biyo. Na ce mu sa Dear Father. Ya tambayi asalin kalmar, na ce tana nufin abin ƙauna, amma a kan wasiƙa ta zama al'ada kawai, ko wanda kake ƙara a kotu haka za ka rubuta masa. Yaya ya riƙe baki. “Ni in ce wa surukina abin ƙauna? Malama, karatun nan bai taɓa miki kai ba kuwa?” Na ce to Dear Sir fa? Wannan ni na janye ta da kaina, don ta ofis ce, da ita ake neman aiki, babu zumunci a cikinta ko kaɗan. Muka tsaya kan Respected Father, wato uba abin girmamawa. Ba haka aka saba buɗewa ba, amma ba kuskure ba ne, kuma ta kwanta masa.

“Ranka ya daɗe” in an bi ta kalma-kalma sai ta fito kamar ana kirari a fada, alhali mu ko ga hedimasta muna faɗa. Na mayar da ita addu'a, Allah ya ba shi tsawon rai da lafiya, wannan tana shiga kunnen kowane Musulmi. “Ina gajiya” ba ta da gurbi, mai karatu zai ɗauka an ga alamar gajiya a jikinsa ne, na haɗe ta da tambayar lafiya. “Ya muka ji da haƙuri” kuwa dole a warware ta, a ce muna ta'aziyyar rasuwar Mama, mu ma rashin namu ne. Duk wannan ya yarda, sai dai bai bari na rage addu'a ko ɗaya ba. Na ce masa a Turanci ana gaisawa a taƙaice ne a faɗi buƙata da wuri, mai karatu yana auna muhimmancin magana da wurin da aka ba ta. Ya ce shi ba zai shiga gidan babba ya fara da roƙo kamar mai bin bashi ba.

Da muka iso layukan ƙarshe na ajiye biro.

“Yaya, nan sai an sa sunanta. Sai an ce 'yata Ni'imatu, ina kewarta, ina roƙon a dawo min da ita. In na juya yadda ka rubuta, abin da zai karanta shi ne ka bar musu ita.”

“In ce 'yata a gabansa? Shi da ya haifi uwarta?”

“Ba zai ji rashin kunya ba. A wajensu uban da bai kira sunan 'yarsa ba shi ne abin tambaya.”

“Babba ne, zai gane.”

“Babba ne a Auchi. Wadda ke ganar da shi tana kabari.”

Ban kyauta ba da na faɗa haka, amma gaskiya ce. Na sassauto na ce to ya bari in ƙara 'yan layuka a ƙasa da sunana, a matsayin mai fassara, in bayyana cewa a al'adarmu ba a kiran sunan ɗan fari, kuma cewa “taku ce” hanyar roƙo ce. Masu fassara suna yin haka, ba sabon abu ba ne. Ya girgiza kai. Wai ladabin da aka bi shi da bayani ya zama talla, kamar ka tsuguna wa mutum ne sannan ka ce masa ka ga na tsuguna. Ya ce, “Amana na ba ki. Abin da na ce shi za ki ce.”

Na so in ƙara a ɓoye, Allah ya sani. Amma wasiƙarsa ce, sunansa ne a ƙasa. Na juya yadda ya so, aka buga a shagon kwamfuta na bakin kasuwa, ya sa hannu, ya ba wani direba da ke lodin Benin.

Amsa ta zo bayan 'yan makonni, a buge tsaf, rabin shafi. Yaya ya kawo min ita bai buɗe ba, ya zauna bakin tabarma yana murza hula. Tsoho ya gode da addu'o'i. Ya ce ya karanta shafi guda na tambayar lafiyar tsoho, bai ga sunan yarinya ko sau ɗaya ba, yana fatan dai ba a manta shi ba ne. Ya ce ya ji daɗi da Barau ya faɗa da kansa cewa yarinyar tasu ce, dama abin da ke damunsa ke nan tun rasuwar matarsa, yanzu hankalinsa ya kwanta. Tana makaranta mai kyau, za ta ci gaba da zama. Ƙofa a buɗe take ga duk mai son ganinta.

Na karanta a zuci sau biyu ina neman inda zan rage mata kaifi. Yaya ya ce, “Yadda take, Malama.” Na faɗa masa yadda take. Ya ce, “Baba ya yi gaskiya.” Ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu, ya tambaye ni ko maigidana ya dawo daga Sule Tankarkar, ya yi sallama.

Raina ya ɓaci har na rasa da wa zan yi faɗa. Na kira Aliu na zazzage masa bayani, ya ce ya fahimta, zai gwada. Ya dawo min da cewa tsoho ya ce shekararsa talatin yana koyar da Turanci, ba ya buƙatar a fassara masa abin da ya karanta da idonsa. In Barau na da wata magana, ya rubuto da kansa. Na kai wa Yaya wannan, ya ce babba ya yanke hukunci, komawa kai jayayya ce. Na ce masa kunyar mara kunya asara ce, amma tasa kunyar ta fi kowace asara. Ya yi murmushi kawai. Mutumin nan da zai tuƙa tirela cike da shanu ya ratsa Lokoja ba ko gezau, layi ɗaya ya gagare shi.

Ya ci gaba da aika ragonsa. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Sai ƙafafunsa suka fara kumbura, ya ce zaman mota ne. Da abin ya kai fuska aka je Kano, likita ya ce ƙoda ce, duka biyun. Ya ajiye tuƙi. Muka mayar da shi gidanmu na Gagarawa Tasha wajen Inna, mahaifiyarmu, ni kuma ina zuwa duk Juma'a in kwana biyu.

Wata Asabar da hantsi na same shi a zaure an jingina shi da filo, da takarda a cinyarsa. Rubutun ya karkace, amma maganar ita ce dai ta da. Ranka ya daɗe, ina gajiya, ya jiki. Yarinyar da ke hannunku taku ce. Ko jinyarsa bai ambata ba. Na ce, “Yaya, wannan ai ita ce waccan.”

Ya ce, “Ni iyakar abin da bakina zai iya ke nan. Ke ki rubuta yadda za su ji.” Ya juya fuska wajen ƙofa. “Kada ki karanta min.”

A nan zauren na rubuta, a kan gwiwata. Na buɗe da Dear Father. Gaisuwar shafi guda na tattara ta a layi biyu masu kyau. Sai na ce, Baba, ina rubuto maka ne a kan 'yata Ni'imatu. Ban taɓa kiran sunanta ba domin a wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, yadda ban taɓa kiran naka ba, yadda ban taɓa cin abinci a gabanka ba. Da na ce taku ce, roƙo nake yi, ban san wata hanyar roƙon babba ba. Ba ni da lafiya. Ina so in ga 'yata. Na rufe da Your son. Babu abin da na sa wanda ba ya cikin takardarsa, in ban da ciwon, shi kuma na gaya masa zan sa, ya ɗaga kafaɗa. Ya sa hannu idonsa a wani wajen. Wannan karon ban jira direba ba, hotonta na ɗauka na tura wa Aliu, na ce ya buga ya miƙa wa tsoho a hannu.

Aliu ya ce tsoho ya karanta ya cire tabarau. Wai ya ce Rabi'atu ta sha gaya masa irin wannan, shi ya ɗauka tana kare mijinta ne kawai. Amsarsa gajeriya ce, ta fara da My dear son. Ya ce yarinya tana tsakiyar zangon karatu, ana yin hutu Aliu zai kawo ta, in Barau ya warke a zauna a yi maganar komawarta gaba ɗaya. Da na fassara masa “ɗana”, Yaya ya sa na maimaita.

Sun iso da la'asar, a motar haya daga Gumel. Doguwa, siririya, goshin Rabi'atu sak. Hausa kuwa ta gudu, ko “sannu” sai da Aliu ya tuna mata. Inna ta rungume ta tana kuka, yarinya ta tsaya ƙiƙam tana kallona, don a cikin mutanen gidanmu ni kaɗai take jin abin da nake cewa. Na kama hannunta muka shiga ɗakin da yake kwance. Tun safe ya sa aka yi masa aski, ya sa farin kaftani, har da hula.

Ta ɗan rusuna daga bakin ƙofa ta ce, “Good afternoon, Sir.”

Na buɗe baki zan juya, ya ɗaga min hannu. “Na ji wannan. Abin da nake ce wa 'yan sanda ne a shinge.”

Na ce, “Yaya, a can haka ake ce wa uba. Haka take ce wa kakanta. Ladabi ne.”

Ya jinjina kai a hankali. “To. Ashe su ma da tasu.”

Ya dube ta, duban da bai taɓa yi mata a gaban mutane ba, tun daga kai har ƙafa. Na ga leɓensa na motsi. Na ce a raina yau dai zai faɗa, saura me? Inna na bakin ƙofa, Aliu na bayanta. Ya sauke ido kan bargo, ya ce, “Ke, an zo lafiya?”

Yarinya ta juyo gare ni tana jiran fassara. Na ce mata da Turanci, ya ce Ni'imatu, 'yata, sannu da zuwa, na daɗe ina jiranki.

Sunan ba ya buƙatar fassara, ya ji shi sarai a tsakiyar Turancin. Na jira ya ce min na ci amana. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Haka na ce.”

Ta matso ta zauna a bakin katifar. Ya laluba ƙarƙashin filo ya jawo wata 'yar leda, ya ajiye kan tabarma kusa da ƙafarta, ya kau da kai.

Sati guda ta yi, hutu ya ƙare, Aliu ya koma da ita a kan sai dogon hutu. Yaya bai kai dogon hutun ba. Ni na rubuta wa tsoho sanarwar rasuwar, ba wanda ya sa ni juya kowane layi. Ni'imatu tana Auchi har yanzu. Takan kira ni ranar Lahadi, kwanan baya ta tambaye ni yadda ake cewa “Allah ya jiƙan Baba” da Hausa, na faɗa mata, ta yi ta maimaitawa har ta iya.